BABI NA UKU: DAIDAITA ERIYA DA AKWATIN REDIYO DOMIN SAMUN ƘARFI MAFI YAWA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayanin wata ƙa'ida ta ilimin lantarki wadda ke nuna sharaɗin da za a cika kafin wata na'ura ta karɓi ƙarfi mafi yawa daga inda ake ba ta shi. Za a gina bayanin a kan misali guda, wato kamun tashar rediyo ta gajeren zango da doguwar waya, irin wadda ake ɗaurawa a jikin gora ko bishiya a garuruwan Anka da Gummi da Bukkuyum na yammacin Jihar Zamfara.

Dalilin zaɓen wannan misali shi ne matsayin rediyo a yankin. Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna da tazara daga Gusau, kuma tashoshin FM ba su cika yin dogon zango ba, domin saƙonsu kusan a miƙe yake tafiya. Na gajeren zango kuwa yakan hau sama ya daki wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa, don haka yana kaiwa nesa ƙwarai. Wannan matsayi ya ƙara fitowa fili a farkon watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan wayar salula a duk faɗin jihar saboda matsalar tsaro. An maido da su a Gusau a farkon Oktoba, sauran wurare kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. A tsawon wannan lokaci akwatin rediyo na cikin 'yan hanyoyin da suka rage wa mutumin karkara na jin abin da duniya take ciki. Abin da eriya ke kamowa daga iska ɗan kaɗan ne matuƙa, saboda haka duk abin da ya salwanta tsakanin eriya da akwati babbar asara ce.

3.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Tushe shi ne duk abin da ke bayar da lantarki, kamar batir ko janareta ko eriya. Lodi shi ne abin da ke karɓa, kamar ƙwan fitila ko akwatin rediyo. Ana auna matsin lantarki da bolt, ana auna kwararsa da amfiya, ana auna ƙarfin da ya yi aiki da wat. Turjiya kuwa ita ce tarnaƙin da lantarki ke gamuwa da shi a kan hanyarsa, kuma da om ake auna ta.

Babu tushen da ba shi da turjiyarsa ta cikin gida. Wannan ne ya sa batir ke ɗumi idan an ja wuta da yawa daga gare shi. Masana sun nuna cewa kowane tushe na irin wanda ake magana a kai, kome sarƙaƙiyarsa, ana iya ɗaukarsa a matsayin matsin lantarki guda tare da turjiya guda a jere. Helmholtz ya faɗi haka a 1853, sannan Thévenin ya sake fito da shi a 1883, kuma da sunan na biyun aka fi sanin ƙa'idar.

A lantarki mai kai-da-komo, irin na janareta da na saƙon rediyo, turjiya iri biyu ce. Ta farko ita ce turjiya mai ci. Ita tana cinye ƙarfi ta mayar da shi zafi ko haske ko sauti, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Ana rubuta ta da harafin R. Ta biyu ita ce turjiya mai ajiya, wadda ba ta cin kome. Karɓa take yi ta riƙe na ɗan lokaci sannan ta mayar, amma duk da haka tana tauye kwararar lantarki. Ana rubuta ta da harafin X. Abubuwa biyu ne ke haifar da ita, wato koyil, wanda waya ce da aka nannaɗe, da kuma kwandansa. Ajiyarsu ta saɓa da juna kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya: lokacin da taɓaryar wannan ke sauka, ta waccan tashi take yi. Lokacin da koyil ke karɓa, kwandansa saki take yi. Don haka ake ba wa ta koyil alamar tarawa, ta kwandansa kuma alamar ɗebewa, kuma idan aka jera su, ɗaya na rage ɗaya.

Haɗuwar waɗannan turjiyoyi biyu ita ake kira imfidans, kalmar da Heaviside ya ƙirƙira a 1886. Ana rubuta ta kamar haka:

Z = R + jX

Harafin j alama ce da ke hana a tara ɓangarorin biyu kai tsaye, domin ba a lokaci ɗaya suke aiki ba. Idan ana son girman Z baki ɗaya, sai a bi hanyar da ake bi wajen gano dogon gefen alwatika:

|Z|² = R² + X²

Kalma ta ƙarshe ita ce kishiya. Kishiyar imfidans ita ce wadda ke da R iri ɗaya, da X mai girma ɗaya amma da juyayyar alama. Misali, kishiyar 20 − j600 ita ce 20 + j600. Ana nuna kishiya da ɗan tauraro, wato Z*.

3.2 Ƙa'idar da Hujjarta

A ɗauka tushe yana da matsin lantarki V, da imfidans Zs = Rs + jXs. An haɗa shi da lodi mai imfidans ZL = RL + jXL. Tun da a jere suke, lantarki zai ratsa su duka biyu, kuma ƙarfin da lodi zai samu shi ne:

P = V² × RL / [(Rs + RL)² + (Xs + XL)²]

Tambayar ita ce: idan ba a iya taɓa tushe, wane irin lodi ne zai sa P ta kai ƙololuwa? Ana amsa ta a mataki biyu.

Mataki na farko ya shafi turjiya mai ajiya. Idan aka lura, Xs da XL a ƙasan lissafin kaɗai suka fito, kuma jimlarsu an ninka ta da kanta, don haka ba ta taɓa zama ƙasa da sifiri. Duk abin da ta ƙara a ƙasa ragi ne ga P. Mafi alheri shi ne ta zama sifiri, kuma hakan na faruwa ne idan XL = −Xs. Wato idan tushe na da halin kwandansa, sai a ba wa lodi halin koyil daidai gwargwado.

Mataki na biyu ya shafi turjiya mai ci. Bayan an kawar da ta ajiya, ana iya sake tsara lissafin ya koma haka:

P = V² / [(Rs − RL)² / RL + 4Rs]

A nan ma ɓangaren farko na ƙasa ba ya sauka ƙasa da sifiri, kuma yana zama sifiri ne kawai idan RL = Rs. Hankali ma zai iya kama wannan ba tare da lissafi ba. Idan RL ta yi ƙanƙanta, lantarki zai kwarara da yawa amma yawancin ƙarfin a cikin tushe zai ƙone. Idan ta yi girma ainun, kwararar za ta ragu har abin da ya iso bai taka kara ya karya ba. Wurin da ya fi dacewa yana tsakani.

Idan aka haɗa matakan biyu, sharaɗin shi ne lodi ya zama kishiyar tushe, kuma ƙarfin da za a samu a lokacin shi ne iyakar abin da tushen zai iya bayarwa:

ZL = Zs*
Pmax = V² / (4Rs)

Rabin wannan ƙa'ida, wato daidaita RL da Rs, an san shi tun zamanin batir, kuma ana jingina shi ga Jacobi wajen 1840. Batun kishiya ya biyo baya ne, bayan da Kennelly da Steinmetz suka shigo da lissafin j cikin nazarin lantarki mai kai-da-komo a 1893.

3.3 Misali: Wayar Mita Biyar a Zangon Mita 49

Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna ya shafe shekaru masu yawa yana watsa shirye-shiryen Hausa a kan kilohaz 6090, wato a zangon mita 49, kuma da wannan lamba za a yi lissafi. A ɗauka wani mai sauraro a wani ƙauye na Bukkuyum ya miƙar da waya mai tsawon mita 5 sama a jikin gora, ya kafa ƙarfe a ƙasa ya ɗaura masa waya ta biyu, sannan ya haɗa su da akwatin da ke da kafar eriyar waje mai om 50. A wannan tsari eriya ce tushe, akwati kuma shi ne lodi.

Tsawon zangon saƙon ya kai mita 49, ita kuwa waya mita 5 ce, wato kusan kashi ɗaya cikin goma. Wayar da ta gaza rubu'in zango halin kwandansa gare ta. Ga siririyar waya mai wannan tsawo, lissafi na ba da turjiya mai ajiya ta kimanin om 600 mai alamar ɗebewa, da turjiya mai ci ta kimanin om 4. A kan wannan sai a ƙara turjiyar ƙasar da aka kafa ƙarfe a ciki, wadda a wannan misali za a ɗauka om 16 ce. Imfidans ɗin tushe ya zama:

Zs = 20 − j600

Za a kuma ɗauka cewa matsin da saƙon ya haifar a wayar milibolt 1 ne, wato kashi ɗaya cikin dubu na bolt. Za a auna ƙarfi da nanowat, wato kashi ɗaya cikin biliyan na wat.

Hali na farko, an haɗa waya da akwati kai tsaye. Jimlar turjiya mai ci ita ce 20 da 50, wato 70. Idan aka ninka 70 da kanta za a samu 4,900, idan aka ninka 600 da kanta za a samu 360,000. Jimlarsu 364,900. Da aka sa wannan a lissafin P, ƙarfin da ya isa akwati nanowat 0.14 ne. Abin lura shi ne, kusan duk tarnaƙin daga turjiya mai ajiya yake, wadda ba ta ci kome ba, hanya kawai ta tare.

Hali na biyu, an saka koyil a jere tsakanin waya da akwati, mai turjiyar ajiya ta om 600 da alamar tarawa. Ana gano girman koyil ɗin da wannan lissafi, inda f ke nufin yawan kaɗawar saƙo a cikin daƙiƙa ɗaya:

L = X / (2πf) = 600 / (2π × 6,090,000)

Amsar ita ce kimanin maikirohenri 15.7, wato ɗan koyil ne da mai gyaran rediyo zai iya naɗawa da hannu a jikin guntun bututun roba. Yanzu 360,000 ɗin nan ta ɓace, 4,900 kaɗai ta rage a ƙasa, kuma ƙarfin da ya isa akwati ya tashi zuwa nanowat 10.2. Wato ya ninka fiye da sau saba'in, alhali ba a ƙara wa waya tsawo ko da taƙi ɗaya ba.

Hali na uku, an daidaita turjiya mai ci. Akwati om 50 ne, ana son eriya ta gan shi a matsayin om 20. Ƙaramar taransifoma na yin wannan aiki, domin tana sauya turjiya gwargwadon rabon naɗinta idan an ninka shi da kansa. Idan ɓangaren eriya na da naɗi 10, na akwati kuma 16, rabon 1.6 ne, ninkinsa da kansa 2.56. Idan aka raba 50 da 2.56 za a samu om 19.5, wanda ya yi kusa da 20 ƙwarai. A nan lodi ya zama kishiyar tushe, kuma ƙarfin ya kai iyakarsa, wato nanowat 12.5, kusan ninki casa'in na hali na farko.

Waɗannan lambobi sun nuna inda babbar riba take. Kashe turjiya mai ajiya shi ya kawo ninki saba'in da ɗoriya, daidaita mai ci kuwa ƙarin kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai ya kawo. Da a ce taransifoma kaɗai aka sa ba koyil, mafi kyawun abin da za a yi shi ne a mayar da lodi daidai da girman Zs baki ɗaya, wato kimanin om 600, kuma ƙarfin da za a samu nanowat 0.8 ne kacal.

3.4 Iyakokin Ƙa'idar da Kurakuran da Ake Yi

Iyaka ta farko ita ce, ƙarfi mafi yawa daban, tattali daban. Idan RL ta yi daidai da Rs, lantarki ɗaya ne ke ratsa su, don haka rabin ƙarfin kaɗai ke isa lodi, ɗaya rabin a ɓangaren tushe yake tafiya. Ga eriyar kamun tasha wannan ba damuwa ba ce, domin ba a sayi abin da ke cikin iska ba. Ga batir ko janareta kuwa haɗari ne. A ɗauki batirin sola mai bolt 12 da turjiyar ciki ta om 0.02. Idan aka ba shi lodi mai om 0.02, amfiya 300 za su kwarara, lodi ya samu wat 1,800, batir kuma ya ƙona wat 1,800 a cikin cikinsa. Wannan na iya narkar da waya ko fasa batir. Saboda haka a harkar wutar gida ana son turjiyar lodi ta fi ta tushe nesa ba kusa ba.

Iyaka ta biyu ita ce, daidaitawar ta zango ɗaya ce. Turjiyar koyil na ƙaruwa idan kaɗawa ta ƙaru, ta gajeriyar waya kuwa raguwa take yi. Idan mai sauraron nan ya juya zuwa kilohaz 9600 a zangon mita 31, turjiyar ajiyar wayarsa za ta sauka zuwa kimanin om 290, ta koyil kuma ta hau zuwa kimanin 950. Ragowar da ba ta mutu ba ta zama om 660, wadda ta fi 290 ɗin da zai samu da ya cire koyil ɗin. Wato maganin zangon mita 49 ya zama cuta a zangon mita 31. Wannan ne ya sa ake fitar da bakuna da yawa a jikin koyil, ko a haɗa shi da kwandansa mai juyawa. Alamar an dace ita ce, yayin da ake juyawa sautin tasha zai riƙa ƙaruwa har ya kai wani matsayi, sannan ya fara raguwa. Idan an juya daga farko har ƙarshe ba a ji wannan tudu ba, to girman koyil ɗin bai dace da zangon ba.

Iyaka ta uku ita ce, koyil kansa yana da turjiya mai ci. Koyil mai kyau na om 600 zai iya zuwa da kimanin om 6 na asara. Idan aka tara ta da 20 ta zama 26, kuma iyakar ƙarfin ta sauka daga nanowat 12.5 zuwa 9.6. Idan wayar naɗin ta cika siranta, ko mahaɗa ta yi tsatsa, asarar za ta fi haka.

Babban kuskuren da ake yi kuwa shi ne juya ƙa'idar baibai. Wani zai ce tun da akwati om 50 ne, eriya kuma 20, bari a ƙara wa eriya om 30 su zo daidai. Wannan ragi zai kawo, domin jimlar za ta koma 100, ƙarfin kuma ya faɗo daga nanowat 10.2 zuwa 5. Ƙa'idar ta ce a gyara lodi ne idan tushe ba ya gyaruwa. Idan kuwa ana iya taɓa tushe, to rage turjiyarsa ake yi, tun da Rs a ƙasan lissafin Pmax take. A nan ne yanayin ƙasa ya shigo. Ƙarfen da aka kafa a damshin fadamar Gulbin Zamfara ta wajen Gummi ba zai yi turjiya ɗaya da wanda aka kafa a busasshen tudu mai tsakuwa ba, haka kuma wuri ɗaya ma yakan sauya tsakanin damina da rani. Idan aka zurfafa ƙarfen, aka riƙa zuba masa ruwa, ko aka shimfiɗa wasu wayoyi a ƙasa kewaye da shi har turjiyar ƙasa ta sauka daga om 16 zuwa 6, to Rs ta koma 10, iyakar ƙarfin kuma ta ninka zuwa nanowat 25. Sai dai bayan haka dole a sake rabon naɗin taransifoma, domin kishiyar ta sauya.

Iyaka ta ƙarshe ta shafi hayaniya. Eriya ba ta tantance tasha daga ƙarar walƙiya ko tartsatsin janaretan maƙwabta. Duk abin da daidaitawa ta ƙara wa tasha, ta ƙara wa waɗannan. Amfaninta na bayyana ne idan saƙon ya yi rauni har shuuu ɗin da akwatin ke yi da kansa ya danne shi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a kai akwati inda babu tasha, a cire eriya, sannan a mayar. Idan hayaniya ta ƙaru sosai da mayarwar, to ta waje ce ta yi rinjaye, kuma nisantar da waya daga janareta zai fi koyil amfani. Idan ba ta sauya ba, daidaitawa za ta taimaka. Haka kuma yawancin ƙananan akwatunan hannu masu eriyar zuƙewa an ƙera su ne da babbar turjiyar shiga, don haka lambobin misalin nan ba su hau kansu kai tsaye ba. Wajibi ne kuma a cire wayar waje daga akwati idan hadari ya taso, saboda tsawa.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa lodi na samun ƙarfi mafi yawa ne idan imfidans ɗinsa ya zama kishiyar na tushe, wato turjiya mai ci ta zo daidai, mai ajiya kuma ta zo da juyayyar alama. Misalin wayar mita 5 a kan kilohaz 6090 ya nuna tashin ƙarfi daga nanowat 0.14 zuwa 12.5, kuma mafi yawan wannan riba daga koyil guda ta fito. An kuma ga cewa ƙa'idar ta dace da inda ƙarfi ya yi ƙaranci kuma tushe ba ya gyaruwa, ba ta dace da batir ko janareta ba. Babi na gaba zai duba yadda ake naɗa koyil ɗin da yadda ake gwada shi.